Kwamiti Ya Zauna, Jama'a Sun Watse: Takardar Bita Kan Jituwar Aikau da Aikatau a Turanci

Duk shekara idan zafin bazara ya kama, jarrabawar WAEC ta matso, nakan buga wata takarda guda ɗaya, gaba da baya, in kai shagon hoto a ciro mini kwafi gwargwadon yawan ɗaliban da nake yi wa darasin Asabar. 'Yan aji uku ne na babbar sakandare, shekarunsu tsakanin 16 da 18. Takardar ba ta ɗauke da dukkan nahawun Turanci. Abu ɗaya kawai take magana a kai, wanda malaman Turanci ke kira konkod, wato jituwar da ake so a samu tsakanin aikau da aikatau a cikin jimla. Ko a cikin konkod ɗin ma wurare biyu na ware: sunayen da ke nufin taro, irin su kwamiti da ƙungiya da iyali, sai kuma jimlolin da ake ginawa da *either … or* da *neither … nor*.

Abin da ya sa na ware su shi ne, a nan ne yaro mai ƙoƙari yake faɗuwa. Wanda bai yi karatu ba ko'ina ma zai iya faɗuwa. Amma na ga yaran da suka haddace doka tsaf, tilo da tilo, jam'i da jam'i, suka zo kan waɗannan wurare biyu suka tsaya cak, domin dokar da suka haddace ba ta gaya musu wace kalma ce a cikin jimlar ke da iko da aikatau ba.

Kuma kuskuren yana cin maki ta fuska biyu. A takardar cike gurbi ta WAEC, mai tambayoyi 80, ana gwada ƙa'idojin ginin jimla kai tsaye, haka ma a NECO da jarrabawar JAMB. A takardar insha'i kuwa, inda ake so ɗalibi ya rubuta kalmomi kimanin 450, akwai maki 10 da aka keɓe wa tsabtar rubutu, kuma kowane kuskuren nahawu yana cinye rabin maki. Yaron da ba ya gane jituwa zai iya maimaita kuskure iri ɗaya sau da yawa a shafi guda, har makin nan ya ƙare bai sani ba.

A saman takardar na ajiye wani abu da mutane ke ɗauka kowa ya sani, alhali a nan ruɗanin yake farawa. Harafin *s* idan ya zo a ƙarshen suna yana nuna jam'i ne: *boy*, *boys*. Idan kuwa ya zo a ƙarshen aikatau, tilo yake nunawa: *the boy runs*, *the boys run*. Yaro Bahaushe ba shi da dalilin zaton haka, domin a Hausa ba jikin aikatau ne ke ɗaukar alamar ba. Muna cewa yaro ya gudu, yarinya ta gudu, yara sun gudu. Kalmar gudu tana nan yadda take, ƙaramar kalmar da ke gabanta ce ke sauyawa. Shi ya sa ɗalibi kan ga *players*, ya ga *s*, sai ya ga ya dace ya ƙara wa aikatau *s* shi ma don su yi kama, ya rubuta *the players plays*. Nakan ce musu su ɗauka *s* ɗin nan guda ɗaya ne tal a gidan, idan suna ya ɗauka aikatau ba ya samu.

Ƙarƙashin wannan na jera wuraren da jituwar ke bayyana, kuma ba su da yawa: *is* da *are*, *was* da *were*, *has* da *have*, *does* da *do*, sai aikatau na yau da kullum mai *s* ko maras shi. Aikatau na abin da ya wuce, irin su *went* da *played*, ba ya sauyawa, haka *will* da *can* da *must*. Sanin wannan yana rage wa yaro fargaba, domin ya gane ba kowace jimla ce ke da tarko ba.

Taro: abu ɗaya ne ko mutane da yawa?

Masana nahawun Hausa suna kiran irin wannan suna tattarau: kalma ce tilo a siffarta, amma a cikinta akwai mutane ko dabbobi da yawa. A Turanci su ne irin su *team*, *committee*, *family*, *class*, *government*, *audience*, *crowd*, *jury*. Kafin in taɓa Turanci, nakan fara da Hausa, domin abin da ake tsoro ɗin nan muna yin sa kullum da bakinmu. Nakan tambayi ajin: wanne ne daidai, jama'a ta taru ko jama'a sun taru? Sai gardama ta kaure, daga baya kowa ya yarda cewa duka biyun yana jin su. Mai wa'azi ko mai karanta labarai zai iya cewa jama'a ta amince, yana kallon ta dunƙule guda. Wanda ya dawo daga ɗaurin aure kuwa zai ce jama'a sun watse, domin a idonsa mutane ne kowa ya kama gabansa. Haka mai labarin wasanni zai ce Kano Pillars ta ci, amma ɗan kallon da ya fito daga filin wasa na Sani Abacha zai ce yau Pillars sun taka leda.

Abin da Turancin Birtaniya ke yi ke nan. Idan ana kallon taron a matsayin abu ɗaya mai aiki ɗaya, aikatau tilo ne: *The committee has submitted its report.* Kwamiti ya miƙa rahotonsa, rahoto ɗaya, murya ɗaya. Idan kuwa ana kallon mutanen da ke ciki ne, kowa da abin da yake yi, sai aikatau ya koma jam'i: *The committee are arguing among themselves.* Mutum ɗaya ba ya gardama da kansa, don haka ma'anar ce ta ja aikatau zuwa jam'i. Randolph Quirk da abokan aikinsa uku, a babban littafinsu na nahawun Turanci da ya fito a 1985, sun bambanta jituwa ta siffa, wadda ke bin yadda kalma take a rubuce, da jituwa ta ma'ana, wadda ke bin abin da mai magana ke nufi, sannan suka ambaci ƙa'ida ta uku, ta kusanci, wadda za mu zo kanta. Ba na rubuta sunan littafin a takardar yara, amma a kan wannan rabe-rabe na gina ta.

Akwai wani abu da yaran zamani ke lura da shi tun kafin malami ya faɗa. Mai sharhin ƙwallon Ingila zai ce *Arsenal have scored*, ko *England are playing well*. Ba kuskure yake yi ba, haka Turawan Birtaniya ke magana a kan ƙungiyoyin wasa. Amurkawa kuwa sun fi karkata ga tilo a irin su *team* da *government* da *committee*, ko da ana maganar mutanen ciki ne, kuma idan abin ya yi musu nauyi sai su ƙara kalmar *members*. Ina ganin wajibi ne a gaya wa ɗalibi wannan gaskiyar. Idan ka ce masa jam'i kuskure ne, da daddare zai je gidan kallon ƙwallo ya ji mai harshen da kansa yana yin abin da ka hana, daga nan kuma ya daina yarda da sauran abin da ka koya masa.

To a jarrabawa fa, inda amsa ɗaya ake so? Shawarar da na rubuta ita ce yaro ya karanta jimlar har ƙarshe kafin ya zaɓa, domin mai tsara tambaya yakan ajiye shaida a can gaba. Idan ya ga *its* ko *itself*, taron dunƙule yake, aikatau tilo ne. Idan ya ga *their* ko *themselves*, ko *one another*, an warware taron, aikatau jam'i ne. Ga biyu daga cikin waɗanda na tsara: *The jury ___ divided in their opinions*, da kuma *The jury ___ given its verdict.* Ta farko *are* take so saboda *their*, kuma rabuwar kai sai da mutane fiye da ɗaya. Ta biyu *has* take so saboda *its*. Idan babu wata shaida ko kaɗan, kamar a *The class ___ forty students*, tilo ne mafaka, wato *has*, domin aji a nan ma'auni ne guda, ba yaran da ke ciki ake kallo ba.

Babban laifin da ba a yafewa a gaban mai duba takarda shi ne sauya sheƙa a tsakiyar jimla. Wata ɗaliba ta taɓa rubuta mini a insha'i: *The team has lost their captain.* Na zagaye *has* da *their* da jan biro, na ja layi tsakaninsu. Ta zo bayan darasi da takardar a hannu ta ce, “Malam, ai *team* tilo ne, ku kuka ce.” Na ce, “Haka ne, 'yata. To fassara mini ita da Hausa yadda kika rubuta.” Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, “Ƙungiyar ta rasa kyaftin ɗinsu.” Kafin in ce wani abu ta gyara da kanta, ta ce kyaftin ɗinta. Kunnenta na Hausa ya ji abin da idonta bai gani ba a Turanci. Ko dai *has lost its captain*, ko *have lost their captain*. Duk wadda aka ɗauka, da ita za a ƙarasa jimlar.

Daga nan takardar ta shiga wani lungu da ke buƙatar hadda, domin ma'ana ba ta aiki a cikinsa. Akwai kalmomin da ba su da *s* amma kullum jam'i ne: *police*, *cattle*, *people*. Ba a cewa *the police is*, sai *the police are investigating*. Wannan ma Hausa tana taimaka mana, tunda 'yan sanda sun zo muke cewa, shanu sun sha ruwa, mutane sun gaji. Idan ana nufin ɗan sanda ɗaya sai a ce *a police officer*. A ɗaya gefen kuma akwai kalmomin da ke tara abubuwa da yawa amma kullum tilo ne, ba a ma ƙara musu *s*: *furniture*, *luggage*, *equipment*, *information*. A nan Hausa kan ja yaro ta kai shi rami, domin muna cewa kayan ɗaki sun iso, kayan aiki sun lalace, sai ya ɗauko wannan jam'in ya rubuta *the furniture are* ko *the equipments have*. Daidai shi ne *The furniture has arrived.* Haka *news*, duk da *s* ɗin da ke wutsiyarta tilo ce, *the news is good*, ko da yake mu labarai muke cewa.

Wuri na ƙarshe a wannan ɓangare shi ne inda sunan taro ya haɗu da *of*. Ɗauki jimlar *A herd of cattle is crossing the road.* Kalmar *cattle* ce ke kusa da aikatau, kuma yanzu muka ce jam'i ce, amma ba ita ce aikau ba. Garke ake magana a kai, shanun bayani ne na irin garken. Garken shanu ya tsallaka titi, haka mu ma muke faɗa. Na koya musu su ja layi su soke *of cattle* da fensir, su karanta abin da ya rage. Amma akwai biyu da ba sa bin wannan, kuma masu tsara tambaya suna son su. *A number of students are absent* jam'i ne, domin *a number of* yana nufin da dama, ɗalibai da dama ba su zo ba. *The number of students is fifty* tilo ne, domin adadin ake magana a kai, kuma adadi ɗaya ne ko da ya kai dubu.

Ko wannan ko wancan

Bayan takardar na *either … or* ne da ɗan'uwansa *neither … nor*, kuma a nan ne nake ɗaukar lokaci mafi tsawo a aji.

Da farko sai yaro ya gane bambancinsu da *and*. Kalmar *and* tarawa take yi: *Musa and Audu are coming*, mutum biyu za su zo, jam'i. Amma *or* ba ta tarawa, zaɓi take bayarwa. *Either Musa or Audu is coming*: ɗayansu ne zai zo, don haka tilo. Yara da yawa suna ƙirga sunayen da suka gani, su ga biyu, su sa *are*. Nakan tambaye su, idan aka ce ko Musa ko Audu zai zo cin abinci, kwano nawa za a zuba? Haka *neither … nor*: *Neither Musa nor Audu is coming.* Idan kuma duka ɓangarorin jam'i ne babu wahala, aikatau jam'i ne.

Matsalar tana tasowa ne idan ɗaya tilo ne ɗaya jam'i. Aikatau ba zai iya bin duka biyun ba, sai Turanci ya yanke hukunci da kusanci: wanda ya fi kusa da aikatau shi ke da iko da shi. Na kan tuna musu da maganar da ake yi cewa maƙwabci na kusa ya fi ɗan'uwa na nesa. *Neither the captain nor the players were happy.* Juya su, ma'anar ba ta canza ba, amma aikatau ya canza: *Neither the players nor the captain was happy.*

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa ɗalibaina suka fi karkata ga sunan farko, kuma ina ganin Hausa na da hannu a ciki. Mu ba mu cika jera sunayen biyu kafin aikatau ba. Muna cewa, ko dai Musa ne ya ɗauka ko ƙannensa. Aikatau ya zo nan da nan bayan sunan farko ya bi shi, sauran kuma suka biyo baya. A wajen korewa kuma muna cewa, daga malamin har ɗaliban babu wanda ya zo, kullum da “wanda ya”, ko mutum nawa ne. Yaron da ya tashi da wannan gini, idan ya ga jimlar Turanci, hankalinsa yana kan wanda aka fara ambata, ko kuma yana jin tilo ne ya dace. Ba rashin basira ba ne, sabo ne na harshe, kuma da zarar an nuna masa daga inda sabon ya fito yakan fi saurin kiyayewa.

Dabarar da na rubuta mai sauƙi ce. Ka sa yatsa ka rufe daga *either* har zuwa *or*, ka karanta abin da ya rage kamar jimla ce mai zaman kanta. A *Either the teachers or the principal ___ the key*, idan ka rufe, abin da ya rage shi ne *the principal ___ the key*, kuma kowane ɗan aji uku ya san *has* ne. Dabarar tana aiki har da wakilin suna, inda abin ya fi ba da mamaki a kunne: *Either you or I am wrong*, *Neither he nor you are late.* Ɗalibi kan ce ta farkon ba ta yi masa daɗin ji ba, kuma gaskiyarsa ne, masu harshen ma da yawa suna kauce mata. Amma idan ta fito a cike gurbi, *am* ce amsar, domin *I* ce ke jingine da aikatau.

A jimlar tambaya kuwa aikatau yana komawa gaba, don haka maƙwabcinsa ya sauya. *Is either Musa or his brothers coming?* Yanzu Musa ne na kusa. Wanda ya haddace cewa a bi suna na biyu zai faɗi a nan, shi ya sa ban taɓa rubuta “na biyu” a takardar ba, “na kusa” na rubuta, na kuma ja masa layi biyu.

Kama da wane ba ta wane. Akwai gini biyu da ke kama da wannan amma hukuncinsu daban. Na farko shi ne *either of* da *neither of*, inda babu *or* ko *nor*. A *Neither of the boys has paid*, aikau shi ne *neither* da kanta, ma'anarta ko ɗaya daga cikin biyun, kuma tilo ce. Kalmar *boys* tana kusa da aikatau amma ba ta da iko, kamar yadda shanu ba su da iko a jimlar garke. A hirar yau da kullum za ka ji Turawa suna cewa *neither of them are*, amma a rubutu na ƙa'ida da jarrabawa tilo ake nema. Na biyu shi ne *as well as* da *together with* da *along with*. Waɗannan rakiya suke yi, aikatau yana bin sunan farko: *The captain, together with the players, was invited.* Kyaftin aka gayyata, 'yan wasa sun rako shi ne. Yaron da ya fahimci kusanci sosai yakan ɗauke shi ya kai shi ko'ina, don haka na rubuta da manyan baƙaƙe cewa kusanci yana mulki ne kawai inda *or* ko *nor* ta raba sunaye biyu.

A ƙasan shafin akwai tambayoyi goma, kuma uku na ƙarshe sun haɗa darasin gaba da na baya. Ta takwas ita ce: *Neither the principal nor the police ___ been informed.* Zaɓin su ne *has*, *have*, *is*, *was*. A wata Asabar na sa wani yaro da ke zama a layin baya ya warware ta a allo da babbar murya. Ya fara da cewa *been* tana nan, don haka *is* da *was* sun fita, tunda ba sa zuwa kafin *been*. Saura biyu. Ya ga *nor*, ya sa tafin hannu ya rufe rabin farko, ya karanta *the police ___ been informed*. Sai ya rubuta *has*. Na tambaye shi dalili, ya ce, “Malam, ba ta da *s*.” Wani daga gefe ya ce masa, “'Yan sanda ya zo ake cewa a gidanku?” Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya goge ya rubuta *have*. Matakinsa na farko da na biyu daidai ne, a na uku ya zame, wato tantance ko sunan na kusa tilo ne ko jam'i. Wannan ya nuna mini cewa ba kusanci ne matsalarsa ba, jerin nan na *police* da *cattle* da *people* ne bai zauna masa ba, kuma shi na sa ya koma ya bita.

Ta tara ta fi wuya: *Either the teachers or the committee ___ to present its findings.* Rufe rabin farko ya bar *the committee*, sunan taro, wanda zai iya ɗaukar tilo ko jam'i. Sai a ci gaba da karatu a nemi shaida, a tarar da *its*. Amsar *has* ce. Ta goma kuwa: *Neither the coach nor a number of the players ___ satisfied.* Na kusa shi ne *a number of the players*, ma'anarsa 'yan wasa da dama, don haka *were*. Wanda ya ga *a* ya ce tilo ya faɗi, haka wanda ya tsaya kan *coach*.

Lokacin gyara ba na karɓar amsa kawai. Kowane ɗalibi sai ya ja layi ƙarƙashin kalmar da ya ce ita ce ke da iko da aikatau, sannan ya rubuta *it* ko *they* a samanta. Tambaya mai zaɓi biyu na gaske, yaro zai iya cin rabi da sa'a kawai, amma layin da ya ja ba ya ɓoye komai. Idan amsa daidai ce layin kuma yana kan kalmar da ba ita ba, na san sa'a ce, kuma ranar jarrabawa ba lallai ta maimaita ba. Idan amsa kuskure ce layin yana wurin da ya dace, kamar na yaron nan na layin baya, gyaran ƙarami ne. Shi ya sa na bar fili mai faɗi tsakanin tambayoyin, ko da yake hakan ya hana ni ƙara wasu.

Layi na ƙarshe a takardar na insha'i ne, inda yaro ne ke gina jimlarsa da kansa, ba wanda ya tilasta masa gini mai wuya. Idan zai haɗa tilo da jam'i da *or* ko *nor*, ya sa jam'in a ƙarshe, aikatau ya zama jam'i, jimlar ta fi sauka a kunne: *Neither my father nor my uncles were at home.* Idan sunan taro ya rikita shi, ya ƙara *members of*, ya ce *the members of the committee are*, shi ke nan gardama ta ƙare. Idan kuma ya tsinci kansa a gaban *either you or I*, ya raba jimlar gida biyu, kowane aikau da aikataunsa: *Either you are wrong or I am.* Da na rubuta wannan ta ƙarshen a allo, ɗalibar nan mai maganar kyaftin ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ai wannan irin tamu ce: ko dai kai ne ka yi kuskure ko ni.” Na ce mata ta rubuta ta a gefen takardarta, da Hausar, kusa da ta Turancin.